Minti Goma a Gaban Allo: Yadda Ɗalibin Malanta Ke Shirya Ƙaramin Darasin Gwaji

Duk wanda ya yi karatun NCE a wata kwalejin ilimi ta Nijeriya ya san wannan rana. A shekara ta biyu, kafin a tura ɗalibai makarantu su yi gwajin koyarwa na watanni, ana kiran kowa ya fito gaban abokan karatunsa, a miƙa masa alli, a ce ya koyar da su kamar 'yan firamare ne a gabansa. Lakcara na zaune a baya da takardar ba da maki, wani ɗalibi kuma na riƙe da agogo. Minti goma ake bayarwa, a wasu wurare ma bai kai ba. Wannan shi ne abin da ɗalibai ke kira maikuro-tichin, kuma yawancin waɗanda yake kayarwa sun san darasin da suka zo koyarwa sarai. Abin da ke kayar da su shi ne takardar shirin da suka rubuta kafin su shigo.

Kuskuren kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ɗalibi ya ɗauko shirin darasin da aka tsara don minti 35 ko 40, ya yi ƙoƙarin danna shi cikin minti goma. Sai ka gan shi yana magana da sauri, yana rubutu a allo ya juya wa aji baya, yana tambaya yana amsa wa kansa. Kafin ya kai ga auna fahimta an ce lokaci ya cika. Ya sauka yana gumi, kuma babu wanda zai iya faɗin abu ɗaya da aka koya.

Asalin wannan dabara ya nuna cewa ba don haka aka ƙirƙiro ta ba. A shekarar 1963 ne Dwight Allen da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fara ta. Sun lura cewa koyarwa aiki ne mai rassa da yawa: buɗe darasi, yin bayani, kawo misali, yin tambaya, ƙarfafa wa ɗalibi gwiwa, amfani da allo, rufe darasi. Sabon malami ba zai iya ƙwarewa a kansu duka lokaci guda ba. Sai suka rage komai. Suka rage tsawon darasi zuwa 'yan mintoci, suka rage ɗalibai zuwa 'yan kaɗan, suka rage abin da za a koyar zuwa ra'ayi ɗaya, sannan suka ce malamin ya mai da hankali kan ƙwarewa ɗaya tak. Ana ɗaukar darasin a bidiyo, a zauna a tattauna, malamin ya gyara shirinsa, ya sake koyarwa. Daga can ta bazu zuwa kwalejojin horar da malamai na duniya. A Nijeriya tana cikin manhajar da Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ta tsara wa masu neman NCE, don haka ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma da na Kwalejin Aminu Saleh a Azare duk sai sun bi ta wannan ƙofa.

Saboda haka shirin minti goma yana farawa da yanke shawara biyu tun kafin a rubuta komai: wane abu ɗaya ɗalibai za su koya, kuma wace ƙwarewa ɗaya malamin zai gwada.

A ɗauki misalin wata ɗaliba 'yar sashen ilimin firamare da aka ce ta koyar da lissafi ga aji uku. Ta buɗe manhaja ta ga batun kaso, wato rabi da sulusi da kwata da sauransu. Da farko ta rubuta a saman takardarta cewa za ta koyar da kaso. Wannan aikin makonni ne. Ta rage, ta ce rabi da sulusi da kwata, da yadda ake rubuta su, da yadda ake tara su. Har yanzu ya yi yawa. Sai ta tambayi kanta inda yara suka fi tuntuɓe a wannan batu, ta tuna abin da duk malamin lissafin firamare ya sani: yaro ya ga 1/2 da 1/4, ya ce 1/4 ne babba, domin tun aji ɗaya an koya masa cewa huɗu ta fi biyu. Nan ta tsaya. Darasinta zai zama a kan tambaya ɗaya: tsakanin rabi da kwata na abu guda, wanne ya fi girma, kuma me ya sa? Ƙwarewar da za ta gwada kuwa ita ce yin tambaya.

Zaɓin nan yana da kyau saboda ƙaramin abu ne amma yana da nauyi. Yaron da ya gane dalilin da ya sa kwata bai kai rabi ba ya kama ginshiƙin batun kaso gaba ɗaya, wato idan masu rabo suka ƙaru, rabon kowa raguwa yake yi. Kuma batu ne da ya dace da tambaya, domin yara na da amsar a cikin rayuwarsu, aikin malama shi ne ta zaƙulo ta.

Bayan bayanan farko da kowane shirin darasi ke ɗauke da su, wato suna da aji da darasi da batu da tsawon lokaci da harshen da za a yi koyarwar da shi, sai manufa. A nan ne lakcarori suka fi jan jar biro. Ɗalibai da dama kan rubuta cewa a ƙarshen darasi yara za su san kaso, ko za su fahimci kaso. Ba a ganin sani da ido, ba a kuma auna fahimta cikin minti goma sai ta wani aiki da yaro ya yi. Robert Mager, a littafinsa na 1962 kan rubuta manufofin koyarwa, ya ce manufa mai amfani tana faɗin abubuwa uku: abin da ɗalibi zai aikata, yanayin da zai aikata shi, da ma'aunin da za a ce ya iya. Bisa wannan, ɗalibar ta rubuta: “A ƙarshen darasi, idan aka ba yaro takardu biyu masu girma ɗaya, zai iya fitar da rabi daga ɗaya da kwata daga ɗayar, ya nuna wanda ya fi girma, ya faɗi dalili a jimla ɗaya.” Manufa ɗaya ce. Wanda ya jera manufofi huɗu a darasin minti goma ya ɗaukar wa kansa alkawari huɗu, kuma mai ba da maki zai nemi ganin kowanne a wurin auna fahimta.

Ƙarƙashin abin da yara suka riga suka sani, ba ta rubuta jimlar nan da kowa ke kwafa ba, wai yara sun saba da batun. Ta rubuta cewa suna iya ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari, sun kuma saba raba abinci da 'yan'uwansu a gida. Wannan jimla ta biyu ita ce ta ba ta mabuɗin darasi.

Kayan aiki ma sai da ta auna su da agogo. Ta so ta kawo lemu da wuƙa, amma yanka lemu a gaban aji zai ci minti guda, hannu zai jiƙe, ga alli. Ta koma ga gurasa guda ɗaya don nunawa, da fallayen takarda masu girma ɗaya, biyu ga kowane ɗalibi. Idan mutum goma ne za su zauna a matsayin yara, fallaye ashirin ke nan, da nata biyu. Ta kuma rubuta 1/2 da 1/4 da manyan baƙaƙe a kan kwali tun daga gida. A gefen shirin ta rubuta wa kanta tunatarwa cewa a raba takardun kafin a fara ƙirga lokaci. Rabon takarda ga mutum goma yana iya cin daƙiƙa talatin ko fiye, kuma a darasi irin wannan daƙiƙa talatin kashi ɗaya ne cikin ashirin na lokacin gaba ɗaya.

Sai rabon mintocin kansu, wanda shi ne ƙashin bayan shirin. Ta ja layi uku a takarda: lokaci a hagu, abin da malama za ta yi a tsakiya, abin da yara za su yi a dama. Layin dama yana da amfani na musamman, domin idan malami ya duba ya ga babu komai a ciki sai “suna sauraro” daga sama har ƙasa, ya san lacca ya shirya.

Minti ɗaya da rabi na farko na gabatarwa ne. Za ta yi sallama a taƙaice, ta ɗaga gurasar ta ce: “Yara, Inna ta sayo wannan gurasa don ku biyu, kai da ƙanwarka. Kafin ku raba sai ga 'yan'uwanku biyu sun shigo, kun zama huɗu. Rabonka zai ƙaru ko zai ragu?” Za ta karɓi amsa daga mutum biyu, ba za ta ce daidai ko ba daidai ba tukuna, sai ta rubuta kan darasi a allo. Ba za ta ɓata lokaci wajen tambayar ranar yau da sunan gwamna ba, abin da wasu ke buɗe darasi da shi alhali ba shi da alaƙa da batun.

Minti biyu na gaba na rabi ne. Kowa ya ninka takardarsa ta farko sau ɗaya, baki ya haɗu da baki, ya yage ta a kan layin. Tambaya: gida nawa ta zama? Girmansu ɗaya? Sai malama ta yage tata takardar a karkace da gangan, ɗaya babba ɗaya ƙarami, ta ɗaga ƙaramin ta ce: “Wannan ma rabi ne?” Wannan misali na kuskure yana koyar da abin da bayani mai tsawo ba zai koyar ba, cewa ba a kiran abu rabi sai gidajen biyu sun yi daidai. Daga nan ta manna kwalin 1/2 a allo.

Wasu minti biyun na kwata ne. Takarda ta biyu a ninka ta sau biyu, a buɗe a ƙirga gidaje, a fitar da ɗaya. Ta manna kwalin 1/4 kusa da na farko, ta tambaya: “Wannan huɗun da ke ƙasa, me take faɗa mana?” Amsar da take nema ita ce yawan gidajen da aka raba takardar.

Daga minti na biyar da rabi zuwa na bakwai nan ne zuciyar darasin. Za ta nuna kwalayen biyu ta ce: “Huɗu ta fi biyu. To 1/4 ya fi 1/2 ke nan?” Sai ta yi shiru. Bayan an ba da amsa, kowa ya ɗora kwatansa a kan rabinsa ya gani da idonsa cewa sai an sa kwata biyu kafin a rufe rabi. Sannan tambaya mafi muhimmanci: me ya sa? Minti ɗaya da rabi na biye na auna fahimta ne, minti ɗaya na kammalawa. Idan aka haɗa, minti tara da rabi ke nan. Daƙiƙa talatin ɗin da suka rage ba ta ba su aiki ba, domin dole wani abu ya ci lokaci: kwali ya faɗo, wani ya ninka takarda a karkace, wani ya ba da amsa mai tsawo.

Tunda ƙwarewar da take gwadawa tambaya ce, ta rubuta tambayoyinta kalma bayan kalma a cikin shirin, guda shida, daga mai sauƙi zuwa mai neman dalili. A gaban kowace ta rubuta amsar da take tsammani, da kuma amsar kuskure da za a iya bayarwa, da abin da za ta ce idan an ba da ita. Idan yaro ya ce 1/4 ne babba, ba za ta ce “a'a” ta wuce ga wani ba. Za ta ce: “To, ɗaga kwatanka. Ɗaga rabinka. Wanne kake so a ba ka idan gurasa ce?” Wannan shi ne bambancin shirin da aka rubuta don a miƙa wa lakcara da shirin da aka rubuta don a koyar da shi. Ta kuma tanadi jimla ɗaya saboda ɗalibin da zai ce ai kwatan babbar gurasa ya fi rabin ƙarama. Gaskiya ya faɗa, kuma za ta yaba masa, ta ce yau ana magana ne a kan abubuwa masu girma ɗaya, ta ci gaba.

Shirun nan da aka ambata ma a rubuce yake. Mary Budd Rowe, wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, ta auna darussa masu yawa, kuma a sakamakon da ta fitar a farkon shekarun 1970 ta nuna cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, sannan su maimaita ta, ko su kira wani, ko su amsa da kansu. Idan jiran ya kai daƙiƙa uku zuwa sama, amsoshin yara kan ƙara tsawo, kuma waɗanda ba su saba magana ba kan fara ɗaga hannu. Daƙiƙa uku a gaban aji tana yi wa sabon malami tsawo ƙwarai, musamman yana ganin agogo na tafiya. Shi ya sa ɗalibar ta rubuta “ƙirga uku a zuci” a bayan kowace tambaya. Tambaya shida, daƙiƙa goma sha takwas ke nan, kuma babu wani wuri a darasin da wannan ɗan lokaci zai fi amfani. Ta kuma tsara cewa za ta fara jefa tambaya ga kowa, ta yi shiru, sannan ta kira suna. Idan aka fara kiran suna, sauran sun huta da tunani.

Wurin auna fahimta yana da tarko wanda ya kama malamai da yawa, har da tsofaffin hannu. Malami ya ce “Kun gane?” aji ya amsa da murya ɗaya “Mun gane!” Wannan amsa ba ta nuna komai, domin yara sun san ita ake so. Ɗalibar ta koma ga manufarta ta auna abin da ta yi alkawari. Za ta ce kowa ya ɗaga kwata, ta duba hannuwa. Kowa ya ɗaga wanda ya fi girma, ta sake dubawa. Sannan ta canza abin rabo don ta tabbatar ba haddar takarda aka yi ba: “Ga sandar rake ɗaya. Wa zai fi samu, wanda aka ba rabinta ko wanda aka ba kwatanta? Me ya sa?” A kammalawa kuma ba ita za ta maimaita darasin ba. Za ta kira yaro ɗaya ya faɗi abin da aka koya da bakinsa, ta gyara idan da gyara, ta ba da aikin gida guda ɗaya.

Shiri ba ya zama shiri sai an gwada shi da agogo. Karantawa a zuci yaudara ce, domin ido ya fi baki sauri, baki kuma ya fi alli sauri. Abin da ya dace shi ne ɗalibi ya miƙe tsaye a ɗaki, ya kunna agogon waya, ya yi darasin da murya, ya yi rubutun da gaske, ya ninka takardun da gaske, da abokai biyu ko uku suna amsawa. Idan ya kai minti goma sha uku, ƙara saurin magana ba zai magance shi ba. Sai an cire wani abu. Kuma yana da kyau a sa alama tun daga gida a kan abin da za a tsallake idan lokaci ya ƙure a ranar, don kada a tsinci kai an yar da auna fahimta, wanda shi ne yake zuwa a ƙarshe kuma shi ne ya fi saurin salwanta. A shirin ɗalibar, tambaya ta huɗu ce ke da wannan alama.

Akwai iyakar da ya kamata a faɗa a fili. Abokan karatu ba yara ba ne. Sun san amsa tun kafin a gama tambaya, suna ninka takarda cikin daƙiƙa biyar, ba sa faɗa a kan fensir, kuma su goma ne, alhali ajin da ɗalibar za ta tarar a makarantar gwamnati yana iya ninka wannan sau da yawa. Darasin da ya tafi sumul a gaban abokai ba ya tabbatar da cewa zai tafi haka a aji uku na gaskiya. Hanya ɗaya ta rage wannan giɓi ita ce lakcara ya umarci mutum biyu a cikin masu zaman yara su ba da irin amsar kuskuren da yara ke bayarwa, ba don wasa ko kunyata mai koyarwa ba, sai don ta samu abin da za ta gwada ƙwarewarta a kai.

Bayan an sauka daga gaban allo, rabin aikin ne aka yi. Tattaunawar da ke biyo baya ba ta da amfani idan ta tsaya a “ta yi ƙoƙari” ko “muryarta ba ta fita”. Tunda tambaya aka gwada, sai a ƙirga: tambaya nawa ta yi, nawa ne suka nemi dalili, mutum nawa ta kira, daga wane gefen aji, daƙiƙa nawa ta jira. A zamanin Allen ɗaukar bidiyo na bukatar manyan na'urori, yau kuwa wayar hannu da aka jingina a kan tebur ta isa. A ce bidiyon ya nuna ɗalibar ta kira mutum biyar, huɗu daga cikinsu a layin gaba, kuma a tambaya ta biyar, wadda ta fi kowace muhimmanci, ba ta jira ba, ta amsa da kanta saboda ta hango agogo. To gyaran a bayyane yake: ta rage gabatarwa da daƙiƙa talatin, ta ƙara su a wurin kwatanta rabi da kwata, ta rubuta a gefen shirin daga wane layi za ta kira mai amsa kowace tambaya. Sai ta sake koyarwa.

Wannan koyarwa ta biyu ita ce ake yawan yarwa a inda ɗalibai suka yi wa lakcara yawa, kowa ya yi sau ɗaya, a ba shi maki, a wuce. Idan aka yi haka an mayar da atisaye jarrabawa, kuma ɗalibi ya fita da jerin kurakuransa ba tare da ya taɓa gyara ko ɗaya ba. Kwalejoji su tanadi lokacin zagaye na biyu ko da za a kasa ɗalibai ƙananan rukunoni su riƙa duba juna. Ɗalibin da bai samu wannan dama a aji ba kuwa, ya tara abokansa biyar a wani ɗakin karatu da yamma, ya jingina waya, ya sake koyar da shirin da ya gyara kafin a tura shi makaranta.